Sunan da Ya Faɗi Daga Littafin Jana'izar Mama

Har yau in na ga mutum yana liƙa dogon rubutu a ƙarƙashin hoto zai tura wa wani, sai in ji kamar in fizge wayar daga hannunsa. Ɗaliban da nake koyarwa a Samaru sun san ni da wannan, malaman da muke ofis ɗaya kuwa har tsokanata suke yi. Suna cewa Malama ta ƙi jinin waya. Ba wayar na tsana ba. Abin da aka yi mana da ita a makon da Mama ta rasu ne bai sake ni ba.

Mu biyar Mama ta haifa. Maza uku a gaba, sai ni, sai Auta. Babbanmu shi muke kira Yaya, yana aiki a Abuja, kuma tun da Baba ya rasu ya ɗauki kansa uban gida, ko da yake sai Kirsimeti da Ista muke ganin ƙeyarsa. Mu Kiristoci ne tun kakanni, a majami'ar unguwarmu aka yi wa dukanmu baftisma. Auta ce ta fita daban. Ta haɗu da wani malamin makaranta Musulmi, ta musulunta, ta aure shi, suka zauna a Hanwa. Yaya bai je bikin ba. Ya faɗa a gaban dangi cewa shi dai ƙanwa ɗaya gare shi, wato ni, kuma ya riƙe maganar nan shekaru kamar wani abin alfahari. Mama kuwa ba ta taɓa sauya mata fuska ba. Ta kan ce ita ta san ranar da ta haife ta, ba ta san ranar da ta daina zama uwarta ba.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Mama, sai aka ga mai ƙanwa da marar ƙanwa. Ni ina makaranta daga safe har azahar. Mazan suna garuruwansu, suna bugo waya suna ba da umarni. Auta ce take hawo acaɓa daga Hanwa kullum da sassafe, ta yi wa Mama wanka, ta juya ta, ta dama kunu ta riƙa ba ta a cokali. In lokacin sallarta ya yi ta shimfiɗa ɗankwali a gefen gado, in ta idar ta ɗauko littafin waƙoƙin Mama ta buɗe mata shafin da take so, tun da hannun Mama ya daina riƙe komai. A hannunta Mama ta cika.

Duk wanda ya taɓa zuwa jana'izarmu ya san ɗan littafin da ake rabawa a ƙofar majami'a. Hoton mamaci a bango, tsarin sujada, wato ibadar ranar, a ciki, waƙoƙi, sai tarihin marigayi. Tarihin nan shi ne kowa yake fara buɗewa, kuma ba ranar haihuwa ake nema ba. Ƙasa ake gangarawa, wurin da aka ce ta rasu ta bar wane da wane. Ana jero sunaye bisa girma, maza kafin mata, kuma sakataren ikilisiya yana karanta su da ƙarfi a gaban jama'a. Nan ake sanin wa iyali suka amsa nasu ne. Tsofaffin matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, sukan bi sunayen da yatsa, in an tsallake wani, kafin a kai maƙabarta duk gari ya ji.

Yaya ya iso daga Abuja ya ce shi zai rubuta. Wa zai hana shi? Ya zauna a kujerar Baba da wayarsa, ya kore yara daga falo, ya ce kada a dame shi. Da na ce ya bari in duba in ya gama, sai ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Rahoton ofis nawa kike tsammani na rubuta a rayuwata?" in ji shi. "Je ki ji da girki."

Na tafi na ji da girki.

Ranar jajibirin jana'iza da rana aka kawo littattafan daga shagon mai ɗab'i a Sabon Gari, an ɗaure su cikin takarda. Ina bayan gida wurin manyan tukwane tare da matan zumunta. Auta ce ta karɓa, don ita ce a tsakar gida tana tsince shinkafa. Wata maƙwabciya ta gaya mini daga baya cewa ta ga Auta ta kwance ƙunshi ɗaya, ta shafa hoton Mama, ta buɗe ciki. Ta daɗe a tsaye tana kallon shafi guda. Sannan ta mayar da littafin inda yake, ta wanke hannu, ta ɗauki hijabinta ta fita, ko sallama babu.

Da na zo neman shinkafa na tarar da tire a ƙasa, kaji sun kewaye shi. Na ga ƙunshin a kwance, na ɗauki littafi ɗaya. Ni ma ƙasa na gangara. Sunan Yaya, sunan na biyu, sunan na uku, sunana. Bayan sunana an ɗiga aya. Shi ke nan. Sauran shafin hoton furanni ne da kurciya.

Ban san lokacin da na isa falo ba. Yaya yana zaune da baƙi biyu daga dangin Baba, na jefa masa littafin a cinya.

"Ka kyauta," na ce. "Ka jira sai da Mama ta rufe ido sannan ka yi abin da ka daɗe kana so. Wadda ta kwashe kashin uwarka da hannunta ita ce ka goge? Kai da ko cokali ba ka taɓa kai wa bakin Mama ba?"

"Ke, kina da hankali kuwa? A gaban mutane?"

"A gaban mutane za a karanta shi gobe ai! Gara su fara ji yau."

Baƙin suka tashi suka ba mu wuri. Yaya ya buɗe shafin, ya karanta, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce shi ya rubuta sunanta. Na ce ƙarya ne. Ya rantse. Yaya ba mai rantsuwa ba ne, shi ya sa na tsaya. Ya lalubo wayarsa, ya buɗe wurin da yake ajiye rubutu, ya miƙo mini.

Sunanta yana nan, daidai bayan nawa. Kuma rubutun bai tsaya a nan ba. Akwai jerin jikoki, har da 'ya'yan Auta, har da nasa 'ya'yan da su ma babu su a littafin, ni fushi ne ya hana ni lura. A can ƙasa kuma akwai wani sakin layi da na karanta sau biyu don ban yarda da idona ba. Ya rubuta cewa iyali suna miƙa godiya ta musamman ga autarsu, wadda ta yi jinyar Mama dare da rana ba ta taɓa gajiya ba, Allah ya saka mata. Autarmu, haka ya rubuta. Mutumin da ya ce ƙanwa ɗaya gare shi.

"To ina wannan ya tafi?" na tambaye shi.

"Na tura masa duka. Na kwafe gaba ɗaya na liƙa."

"Nuna mini inda ka liƙa."

Ya buɗe hirarsa da mai ɗab'in. Ga hoton Mama da ankon zumunta, ga rubutu a manne a ƙarƙashinsa. Na ja har ƙasa. Ya ƙare ne a kan sunana, sai waƙafi, sai kalmar "da". Bayan "da" ɗin nan babu komai.

Nan take na gane, don abin ya taɓa cin wata takardar sanarwa ta makarantarmu. Ɗan gurbin da ake rubutu a ƙarƙashin hoto ba ɗaya yake da wurin rubuta saƙo ba. An yi shi ne don gajeren bayani, yana da iyakar haruffan da yake ɗauka. In ka liƙa masa abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya karɓi na farko har ya cika, ragowar ya zubar. Ba ya zaɓen mai muhimmanci, bai san uwa ba bai san auta ba, haruffa kawai yake ƙirgawa. In ma wayar ta nuna wata 'yar alama a lokacin, Yaya bai gani ba. Don ya tabbata, na sa shi ya sake ɗauko hoton ya liƙa rubutun a gabana ba tare da ya tura ba. A kan "da" ɗin nan ya sake tsayawa.

"Kin gani ko?" in ji Yaya, har da ajiyar zuciya. "Ba laifina ba ne. Waya ce."

Da bai faɗi haka ba, da wataƙila na huce. Amma ina riƙe da wayar, kuma idona ya riga ya sauka a kan abin da ke ƙasan hoton. Mai ɗab'in ya turo masa hoton shafin kafin ya buga, ya ce a duba. Yaya ya amsa masa da kalmomi uku: "Ya yi, buga."

Na nuna masa. Ya ce yana cikin karɓar gaisuwa ne a lokacin, ya dai leƙa ya ga an rubuta sunan Mama daidai. Na ce ya leƙa ya ga an rubuta nasa sunan daidai dai, har da digirinsa a gaba. 

Na ɗauki littafi ɗaya na ce ya tashi mu je Sabon Gari. A motarsa muka tafi daga Samaru. Ina ta kiran Auta, wayar tana ƙara har ta katse.

Shagon yana wani lungu kusa da kasuwa, tsakanin mai sayar da taya da mai ɗinkin labule. Mai shagon ɗan kudu ne, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Yana cin gyaɗa muka same shi. Na shimfiɗa masa shafin a kan tebur na tambaye shi ko abin da aka turo masa ke nan.

"Abin da Oga ya turo, shi na buga," in ji shi. "Ni ba na ƙari, ba na ragi."

"Ba ka ragi? Ina 'da' ɗin da ke bayan sunana?"

Ya duba kwamfutarsa, ya sosa kai. Ya ce ya ga kalmar tana lilo ita kaɗai, ya ɗauka hannun Oga ne ya zame, shi ya sa ya share ya ɗiga aya don aikin ya yi tsabta. Ragowar filin kuma ya cike da furanni.

Tsabta!  Kalmar nan ita kaɗai ce shaidar da ta rage cewa akwai wani a baya. Wayar ma, duk rashin kunyarta, ta bar alama. Mutum mai ido da hankali ne ya zo ya share alamar, ya dasa kurciya a wurin da sunan ƙanwata zai zauna. Na gaya masa duk wannan, da ma wanda ya fi wannan, har mai labule ya leƙo. Na tambaye shi, da ya ga magana ta tsaya a tsakiya, kiran waya ɗaya zai kashe shi ne? Ya ce ai ya tura wa Oga ya duba. Oga yana tsaye a bakin ƙofa yana nazarin tayoyin maƙwabci.

Da na gaji da faɗa, aka koma kan gyara. Ya ce bangon ba sai an taɓa shi ba, takardar tsakiya kawai zai sake bugawa, a cire ta da a ɗinke sabuwa, in wuta ta tsaya ko ya tayar da janareta zai gama kafin safe. Ya ce a sake turo rubutun. Yaya ya ɗaga waya, na ga yatsansa ya nufi wurin hotuna. Na karɓe ta.

Hoto ba ya buƙatar sake turawa. Na kwafo rubutun zuwa wurin saƙo na sosai, wanda yake ɗaukar abu mai yawa. Zai iya shiga a dunƙule, na sani. Amma a ranar ban yarda da komai ba, kuma na ga cewa cutar ba yankewar kaɗai ba ce, rashin sanin an yanke ne. Don haka na raba shi uku, kowane kashi na tsayar da shi a ƙarshen sakin layi, ba a tsakiyar magana ba. A saman na farko na rubuta "kashi na ɗaya cikin uku", haka na biyu, haka na uku. A ƙasan na ukun na rubuta "ƙarshe ke nan". Wanda ya karɓi biyu ya san saura ɗaya, wanda bai ga kalmar ƙarshe ba ya san bai gama karɓa ba. Bayan na tura kowanne, na buɗe shi a wayar Yaya na ga layin ƙarshe ya fita. Sannan na sa mai ɗab'in ya haɗa su a kwamfuta, ya cire kawunan da na sa, ya karanta mini daga sama har ƙasa da bakinsa.

Da ya kai wurin godiyar, ya rage murya. Ya dubi Yaya, ya dube ni.

"Madam, yi haƙuri," in ji shi. "Ban san haka ne ba."

"Da ka tambaya da ka sani," na ce.

Na tura wa kaina rubutun, na bar Yaya a shagon ya sa a dawo da littattafan daga gida ya tsare aikin, na hau acaɓa zuwa Hanwa.

Gidan su Auta gidan yawa ne. Na tarar da surukarta da matan 'yan'uwan mijinta a tsakar gida, suka tashi suka yi mini gaisuwar rashi da mutunci, suka shimfiɗa mini tabarma. Surukar ta ce tun da ta dawo ta shige ɗaki ta sa sakata, sun ɗauka kukan uwa ne, sun ƙyale ta. Ashe ba ta gaya musu ba. Ko a cikin wannan halin ta rufa mana asiri, wannan ya ƙara ƙona mini rai.

Na ƙwanƙwasa. Na kira ta da sunan da Mama take kiranta.

"Yaya, ki koma gida," ta ce daga ciki. Ni ma Yaya take ce mini. "Akwai aiki a gabanku. Ni na gama nawa."

"Buɗe in nuna miki wani abu."

"Na ga abin da zan gani."

Ba zan iya tsayawa a ƙofa in yi ta bayani da ƙarfi ba. Matan gidan suna jin komai, kuma in na ce an buga littafin jana'iza babu sunanta, na tona abin da ita ta rufe. Na koma kan tabarma kusa da tagarta na fito da waya. Auta ba ta riƙe babbar waya, ƙarama ce mai madannai, kira da tes kawai take yi. Na kwafo rubutun Yaya gaba ɗaya na liƙa a tes. Sai wayata ta nuna cewa ya yi tsawo, za ta mai da shi saƙon hoto, irin wanda na san wayar Auta ba ta buɗewa. Na yi tsaki har surukar ta waiwayo. Rana ɗaya, iyaka biyu.

Na goge, na fara yankawa. Wannan karon gajeru ƙwarai, 'yan layuka kaɗan kowanne, don su shiga ƙaramar waya lafiya. Na fara ƙirga kashi nawa za su zama kafin in tura ko ɗaya, don in faɗa mata tun a farko. Shida suka zama. Ban ɗauko daga haihuwar Mama ba, ta san wannan. A na farko na rubuta: "Ɗaya cikin shida. Waya ce ta yanke rubutun Yaya a bayan sunana. Ga abin da ya rubuta, ban sauya ko harafi ba. Ki karanta har ki ga na ce ƙarshe."

Na tura. Daga cikin ɗaki na ji wayarta ta yi ƙara.

Na jira kaɗan don kada su riga juna isa, sannan na tura na biyu, mai sunayenmu biyar a jere. Ƙara. Na uku da na huɗu jikoki ne, nata 'ya'yan suna ciki, na ƙara mata cewa ta tuna ko na Yaya babu su a littafin da ta gani. Na biyar shi ne farkon godiyar. Ina cikin shirya na shida surukar ta kawo mini ruwa, ta zauna tana ba ni labarin yadda Mama ta taɓa kawo mata man zafi da ƙafarta ta kumbura. Ba a katse tsohuwa. Ina sauraro, waya tana cinyata, sai ta yi ƙara.

Auta ce. "Saura ɗaya," ta rubuta.

Na juya baya don kada tsohuwar ta ga idona, na tura mata na shida. Na rubuta ƙarshe ke nan a ƙasa.

Ba ta buɗe ƙofar ba. Na zauna har aka kira la'asar, matan suka tashi alwala, ni ma na yi sallama na tafi. Ban san ko za ta zo ba.

Da safe aka kawo littattafan da aka gyara. Na buɗe su da kaina kafin a kai ƙofar majami'a, tsofaffin takardun tsakiyar kuma na tara su a leda na cusa ƙarƙashin gadon Mama. Majami'a ta cika. Ana waƙa ta biyu na waiwaya na hango ta a bencin ƙarshe, da hijabinta mai ruwan toka, mijinta yana tsaye a waje ƙarƙashin bishiya. Wata tsohuwar zumunta ta matsa mata ta ba ta wuri.

Sakataren ikilisiya ya hau ya fara tarihin. Dattijo ne mai karatu a hankali. Ya karanta haihuwa, ya karanta aure, ya karanta hidimar Mama a zumunta. Ya zo kan 'ya'ya. Ya kira Yaya, ya kira na biyu, ya kira na uku, ya kira ni. Sai ya rufe littafin ya cire tabarau.

Tsohon littafi ne a hannunsa. Tun jiya da aka kawo ƙunshin farko wani ya kai masa guda don ya shirya, kuma a cikinmu babu wanda ya tuna. Jama'a kuwa sabon ne a hannunsu. Na ji majami'a ta ɗauki ƙus-ƙus, yatsun matan zumunta sun tsaya a kan layi suna jira. Na dubi Yaya. Yana gefena a bencin gaba, sabon littafi a buɗe a hannunsa, kuma shi ne babba, shi ya kamata ya tashi. Ya sunkuyar da kai.

Na tashi. Ban je gaban makirufo ba, muryar aji ta ishe ni.

"Baba sakatare, ba a gama ba," na ce. Na kira sunan Auta, cikakke, da sunan da ta ɗauka bayan ta musulunta, yadda yake a rubuce. Na karanta jikoki. Na karanta godiyar har zuwa Allah ya saka mata. Matan zumunta suka amsa da amin mai ƙarfi, wasu suka juya suna neman ta da ido. Fasto ya gyaɗa kai, sakatare ya ba da haƙuri, aka ci gaba da sujada. Na zauna, kuma ban dubi Yaya ba har aka fita.

Bayan an dawo daga maƙabarta, gida ya cika da masu cin abinci. Na shiga ɗakin Mama in ɗauko faranti, na sami Auta zaune a bakin gadon da ta yi ta juya Mama a kai. Yaya ya biyo ni. Ina jin ya daɗe yana shirya maganar, don a tsaye ya fara ta kamar mai ba da rahoto. Ya yi mata bayanin gurbin ƙarƙashin hoto, da iyakar haruffa, da yadda mai ɗab'i ya share kalma. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya ce ta dai ga abin da ya rubuta da hannunsa, ta san zuciyarsa.

Ta bar shi ya gama.

"Na gani, Yaya, na kuma gode," ta ce. "Na yarda waya ce ta yanke. Amma an ce an turo maka ka duba kafin a buga."

"An turo."

"Ka duba?"

"Na duba, sai dai..."

"Ka ga mu huɗu, ka ce ya yi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ni da nake da baki ban taɓa faɗa masa abin da ya kai wannan ba. Yaya ya zauna a kujerar da muke ɗora magungunan Mama, ya riƙe kansa.

Auta ta sunkuya ta jawo takalminta daga ƙarƙashin gado, sai ledar nan ta biyo shi. Ta buɗe, ta ga tsofaffin takardun, ta zaro guda. Na ce ta ba ni, yau ɗin nan zan ƙona su duka. Ta ce in ƙona sauran. Ta ninke tata gida huɗu, ta sa a jaka tare da sabon littafin, ta fita taya mata rabon abinci.